Sarƙata ta sake tsinkewa bayan gyara: wuta za a sa ko leza?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da sarƙar gwal 21, murɗaɗɗiya mai kamar igiya, mahaifiyata ce ta zo mini da ita daga Saudiyya. Yaron da nake goyo ya fizge ta ta tsinke. Na kai an gyara, ko wata ba a yi ba ta sake tsinkewa, wurin ya yi duhu kuma ya sandare. Yanzu wani ya ce zai yi mini da leza, amma kuɗinsa ya ninka na wancan. Wanne ya fi? Kuma ta yaya zan gane an yi mini aiki mai kyau?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yaro. Kafin ki zaɓi wuta ko leza, ki ɗauko sarƙar ki fito da ita hasken rana, ki buɗe kyamarar wayarki ki jawo bakin tsinkewar kusa. Abin da za ki gani a nan shi zai gaya miki inda laifin yake, kuma shi ne abu na farko da nake dubawa duk sanda aka ajiye mini sarƙa a teburi.

Idan a daidai kan liƙin ta rabu, bakin biyu suna nan sumul kamar ba su taɓa haɗuwa ba, to sinadarin liƙin, wato ƙarfen da ake narkawa a haɗa bakin biyu da shi, bai shiga jikin gwal ɗin ba, zama kawai ya yi a kansa kamar ɗigon kyandir. Wannan laifin mai gyara ne, ko bai wanke wurin ba, ko bai ba shi zafin da ya isa ba. Idan liƙin yana nan daram amma gefensa ne ya yage, ko dai wuta ta yi yawa ta cinye zoben da ke maƙwabtaka da shi, ko kuma zoben dama ya sha jiki, aka ɗaura sabon aiki a kan ruɓaɓɓen wuri. Idan kuwa can wani wuri daban ta tsinke, nesa da gyaran, to mai gyara ba shi da laifi, sarƙar ce ta fara gajiya, kuma zan dawo kan wannan.

Duhu da sandarewar da kika ambata su suka fi damuna. Sarƙa abu ne mai motsi: ƙananan zobba ne, kowanne yana juyawa a cikin ɗan'uwansa. Gyara na gaskiya shi ne a rufe zoben da ya buɗe, a bar sauran suna motsinsu. In sinadari ya yi yawa ya malale ya kama zobba uku ko huɗu ya mayar da su dunƙule guda, wurin ya daina lanƙwasa, duk lanƙwasar da ya kamata ya ɗauka sai ta koma kan zoben da ke bakinsa. Kullum kina sawa kina cirewa, wannan zoben ɗaya ke shan wahalar, kamar yadda ake karya waya da lanƙwasa ta gaba da baya. Shi ya sa sandararren gyara yake tsinkewa a gefensa cikin makonni.

Duhun kuma iri biyu ne. Akwai baƙin wuta, wanda jan ƙarfen da ke cikin gwal yake yi idan ya sha zafi, wannan wanki yana fitar da shi. Akwai kuma toka-toka mai dushi-dushi, wanda in kika sa bakin allura kika kankara sai ki ga ya yi laushi yana barin layi mai ƙyalli. Idan haka naki yake, dalma aka sa miki, irin ta masu gyaran rediyo, wadda take narkewa tun ƙasa da digiri 200. Dalma guba ce ga gwal. Duk ranar da aka sake kai wuta wurin, sai ta nutse cikin gwal ɗin ta huda shi, ta bar shi yana marmashewa. Ba a gyara a kanta, da wuta ko da leza. Yanke wurin ake yi gaba ɗaya. Ki gaya wa duk wanda zai karɓi aikin cewa an taɓa gyara wurin, ki nuna masa da yatsa.

Abu na biyu da za ki sani game da sarƙarki shi ne ko cikinta cike yake ko fanko ne. Yawancin murɗaɗɗun sarƙoƙin da ake zuwa da su daga Saudiyya da Dubai, masu kauri a ido amma marasa nauyi a hannu, holoƙo ne. Zobbansu siraran bututu ne, kaurin bangonsu bai wuce na takarda ba. Idan kaurin sarƙarki ya kusa na tsinken ashana biyu a haɗe, tsawonta daidai wuya, amma ba ta kai giram goma ba, kusan tabbas fanko ce. Za ki kuma iya ganin ramin a bakin zoben da ya yage. Wannan shi ke raba aiki, domin abin da zobe cikakke zai jure, fanko ba zai jure ba.

Bari in yi miki bayanin aikin wuta yadda ya kamata a yi shi, don ki san abin da kike biya. Tsantsar zinare yana narkewa a digiri 1064. Naki na 21, wanda za ki ga an buga masa lamba 875 a kusa da maƙulli, kashi 875 cikin dubu ne zinare, sauran azurfa da jan ƙarfe, don haka yana narkewa ƙasa da haka, amma dai sama da 900. Maƙeri ba ya narka sarƙar kanta. Yana kawo wani gwal ɗin ne da aka gauraya da ƙarafan da ke sa shi saurin narkewa, wajen digiri 700 zuwa 800 da wani abu, ya narke ya kwarara cikin tsagar tun sarƙar ba ta fara narkewa ba. Shi ne sinadari. Yau kowa yana kiran kayan haɗin magani da na abinci sinadari, amma a bakin maƙera kalmar ta daɗe tana nufin wannan abin liƙin.

Sinadari ma yana da karat, kuma a nan ake yawan cutar mutane. Na 21 ya fi tsada, ya fi wuyar aiki, saboda tazarar da ke tsakanin narkewarsa da narkewar sarƙar ba ta da yawa. Mai neman sauƙi sai ya ɗauko na 14, ko na azurfa, ya liƙa. Zai kama, amma launinsa fari-fari ne a kan jan gwal ɗin Saudiyya, kuma da zufa da turare sai ya dushe ya bar tabo.

Aikin yana farawa da wanki, domin man shafawa da turare da dattin wuya da suka taru cikin murɗin suna hana sinadari gudu. Daga nan a cire duk zoben da ya miƙe ko ya lotse, har a kai ga lafiyayyu ta ɓangarori biyu. Sai saƙa, wadda ita ce rabin aikin a murɗaɗɗiyar sarƙa: kowane zobe ba ɗaya yake riƙe ba, yana ratsa wasu da dama, kuma dole a mayar da su bisa tsarin da suka zo, murɗin ya ci gaba ta inda yake tafiya. Bakin zoben kuma sai ya haɗu ƙam, ba haske a tsakani, don sinadari ba ya cike rami da ƙarfi, tsaga siririya yake bi. Sai a shafa boraks, wani farin gari, a wurin don ya hana baƙi ya buɗe wa sinadari hanya, a ɗora ɗan gutsure da bai kai rabin ƙwayar riɗi ba. Zobban da ke gefe a kare su, wasu da bakin fensir suke goga musu, wasu da jar ƙasa, saboda sinadari ba ya bin wuri mai datti. Harshen wuta siriri, kuma gwal ɗin ake zafafawa, ba gutsuren ba. Sinadari yana bin inda ya fi zafi ne. Idan zoben ya kai, za ki ga gutsuren ya yi wal ya shige tsagar kamar ruwa a busasshiyar ƙasa, a wannan ƙiftawar ake janye wuta. A sarƙa fanko, tsakanin wannan wal ɗin da zoben ya shanye ya zama ɗan dunƙule, daƙiƙa ɗaya ce ko ƙasa da haka. Na narkar da zobba ba iyaka ina yaro a gaban maigidana kafin hannuna ya san wannan daƙiƙar.

Bayan nan sai a tsoma ta a ruwan tsami mai cire baƙi, wasu da alif suke yi, wasu da asid. A nan ma fanko tana da tarko: ruwan yana shiga cikin bututun ya maƙale. In ba a jiƙa ta a ruwan bekin soda an ɗauraye sosai ba, sai ki sa ta kwana biyu ki ji wuyanki yana ƙaiƙayi, ko ki ga wani kore-kore yana tsattsafowa daga wurin.

Leza kuwa wata hanya ce daban. Akwati ne mai tagar gilashin ƙara girma, mai aiki ya zura hannuwansa ciki yana riƙe da sarƙar da yatsunsa, ya saita wurin, ya taka feda. Haske mai ƙarfi ya fito ya bugi ɗigo ɗaya da bai kai rabin milimita ba, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya narka gwal ɗin wurin kaɗai. Bakin biyu su narke su zama ɗaya, walda ke nan ta gaskiya, ba liƙi ba. In ana bukatar ciko sai a kawo siririyar wayar gwal mai karat ɗaya da sarƙar a narka a kai. Zafin ba ya yaɗuwa, shi ya sa ake iya riƙe ta da hannu. Amfaninta a fili yake: zobban gefe ba sa laushi, ba abin da zai malale ya sandare, launi ɗaya ne, kuma ana iya aiki dab da dutse ko maƙulli. Maƙullin nan mai ɗan harshe da ake dannawa, akwai sifirin na baƙin ƙarfe a cikinsa, wuta tana kashe shi, leza ba ta taɓa shi.

Amma kada kalmar leza ta sa ki saki jiki. Na'urar ba ta san sarƙa ba, mai riƙe da ita ne ya sani. In ya ba ta ƙarfi da yawa a kan bango mai kaurin takarda, huda shi za ta yi. In ya rage ƙarfi don tsoro, sai waldar ta tsaya a fatar sama, ciki bai haɗu ba, ta yi kyau a ido ta ɓalle da fizga ɗaya. Gwal mai karat sama kamar naki yana mayar da haske kuma yana saurin kwashe zafi, don haka ya fi farin gwal wuyar walda. Sannan in hasken ya faɗa kan tsohon sinadari, tartsatsi yake yi ya bar ƙananan ramuka. Ma'ana, ko da leza za a yi, tilas a fara yanke tsohon gyaran.

Ra'ayina a kan taki: idan fanko ce, ga kuma tsohon gyara da ya riga ya sha wuta, ki biya kuɗin leza, matuƙar mutumin ya nuna miki irin wannan sarƙar da ya taɓa yi. Da a ce sarƙa ce cikakkiya mai manyan zobba, da na ce ki bar kuɗinki, ƙwararren mai wuta zai yi miki liƙin da zai kai ƙarfin leza, wani lokaci ma ya fi, saboda sinadari yana ratsa tsagar har ciki.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta kawo mini irin taki, 21, fanko, an gyara mata sau biyu a wani wuri. Na ɗora a sikeli a gabanta, giram 9.40. Na shimfiɗa a kan ma'auni, santimita 45. Na ce ta rubuta duka biyun da hannunta. Da muka raba, kowace santimita tana da nauyin kusan giram 0.21. Wurin da ya sandare ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, zobba biyu na gefensa kuma sun lotse, don haka na gaya mata zan cire santimita ɗaya, ta yarda. Na yanke, na saƙa bakin biyu, na kai wa wani abokin sana'a mai leza muka rufe zobba biyu, ɗaya ta kowane gefen murɗin, da ɗigo kaɗan-kaɗan da ɗan ciko. Da ta dawo, sarƙa ta ba da 9.17, guntun da na cire na naɗe mata a takarda ya ba da 0.21, jimla 9.38. Ragowar 0.02 dattin da wanki ya fitar ne. Tsawo 44. Na miƙa mata na ce ta nemo wurin gyaran. Ta bi sarƙar da yatsu sau biyu, sai da na nuna mata.

Wannan lissafin ki riƙe shi, shi ne kariyarki. Ki sa a auna nauyi a sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, a auna tsawo, a rubuta a rasit tare da karat, ki ɗauki hoton sarƙar da na lambar 875 ɗin. Duk abin da aka cire naki ne, a ba ki a hannu. In an ce an ƙara gwal, sikeli zai nuna. Bambancin 0.02 ko 0.05 ba abin faɗa ba ne, amma in sarƙa ta ragu da rabin giram ba guntu a takarda, ki tsaya a yi magana. Maƙeri mai gaskiya ba ya jin haushin a auna a gabansa, shi ma kariya ce gare shi.

Ranar karɓa, kada ki yi sauri. Ki fara neman wurin da kanki kafin a nuna miki. Ki rataya sarƙar a kan yatsa ɗaya ki riƙa jan ta a hankali tana zamewa: lafiyayya tana bin yatsa kamar ruwa, inda aka sandarar kuwa zai ɗaga kai ya yi gwiwa. A murɗaɗɗiya, in an ji ɗan tauri a zobe ɗaya ko biyu ba laifi, haka ƙirarta take, amma kada ya kai tsawon da ido zai gani. Ki duba murɗin, ya wuce ta kan gyaran ba tare da ya karkace ko ya yi siriri ba. Ki ja ta a kan mayafinki mai santsi. In ta kama zare, akwai ƙaya da aka bari, kuma ita za ta riƙa cin kayanki har ta buɗe. Sai ki riƙe ta ta gefe biyu na gyaran, kusa-kusa, ki ɗan ja daidai ƙarfin da za ki ja zaren ɗinki ba tare da kin tsinka shi ba. Ki yi wannan a gabansa. Wanda ya amince da aikinsa shi zai ce ki ja.

Da kyamarar waya kuma ki duba fuskar wurin. Liƙin wuta mai kyau siririn layi ne da ya zagaye zoben, ba ƙulli, ba rami. Waldar leza mai kyau, in ba a goge ta ba, za ki ga ɗigo-ɗigo sun hau kan juna kamar ɓawon kifi, ba tazara a tsakaninsu. Ƙananan ramuka kamar an soka allura alamar rauni ce a kowanne. Ki duba zobban gefe ma, kada a ce an goge su har sun sirance, domin wasu da magagari da injin gogewa suke ɓoye mummunan aiki, kuma gwal ɗinki ne yake tafiya a ƙurar.

Launi shi ya fi wuyar kamawa a ranar farko. Ki fita da ita waje, fitilun shago suna sa komai ya yi ja. Kuma ki sani akwai wankin da ake haɗawa da ruwan gwal, ya rufe sarƙar gaba ɗaya da launi ɗaya, sinadarin 14 ya ɓuya a ƙarƙashi, sai bayan makonni ya leƙo. Don haka tun wajen ba da aiki ki tambaya kai tsaye: da sinadarin karat nawa za ka yi, kuma za ka sa ruwan gwal? In so samu ne ki ce a nuna miki wurin kafin a yi wankin ƙarshe. Ku kuma yi magana a kan cewa in ta sake tsinkewa a daidai wurin cikin wata biyu ko uku, ba fizga ba, zai sake yi ba kuɗi. In da leza ne a wani shagon za a kai, ki san wanda sarƙar take hannunsa, sunansa ya hau rasit.

Na ce zan dawo kan gajiyar sarƙa. Gwal 21 yana da laushi, ya fi na 18 saurin cinyewa. Shekara da shekaru zobba suna gugar juna, kowanne yana sassaƙa rami a cikin ɗan'uwansa, musamman kusa da maƙulli da inda kan sarƙa yake zamewa. Ki kama wuri biyu kusa da juna ki tura su ciki ki ja su waje. In kin ji wasa mai yawa, ko kin lura sarƙar ta fi da tsawo, ko murɗin ya buɗe a wurare da dama, to cinyewar ta game ko'ina. A fanko, bangon yana hujewa ne ma gaba ɗaya. Fizgar yaro ma ba wuri ɗaya take taɓawa ba, takan miƙar da zobba a nesa da inda aka tsinke, shi ya sa nake bin sarƙa daga maƙulli zuwa maƙulli kafin in faɗi kuɗi. Idan na samu wuri uku ko huɗu masu rauni, nakan gaya wa mai ita gaskiya: in na gyara nan, gobe can zai buɗe, kuma kowane liƙi yana rage mata daraja ranar sayarwa, saboda masu saye suna duba sinadari su rage kuɗi.

Taki kyautar mahaifiya ce, na san ba ta sayarwa ba ce. In an duba an ga sauran jikinta lafiya, gyara ɗaya mai kyau zai riƙe ta shekaru. In ta gaji, a gyara ta dai, amma ki mayar da ita ta fita biki, ki cire mata kan sarƙa mai nauyi, kada ki kwana da ita, kuma ki ajiye ta har yaron ya wuce shekarun fizga. Ki nisanta ta da ruwan bilic na wanki, yana cin wurin liƙi ya sa shi tsagewa, haka nan man shafawa na bilicin, domin wasunsu suna da zaiba, ita kuwa zaiba tana mayar da gwal fari ta sa shi karyewa. In kin taɓa ganin farin tabo a inda sarƙar take kwanciya a wuya, ki faɗa wa mai gyaran kafin ya kai mata wuta, saboda hayaƙin zaiba yana cutar da mai shaƙarsa.